Idan dariya ta ƙi tsallaka harshe: yadda ake fassara wasa da kalmomi

Tun da aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa a watan Maris na 2025, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya kuma bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, maganar fassara ta fita daga hannun masana ta shiga bakin jama'a. A Damagaram, inda mutum ɗaya kan yi ciniki da Hausa a kasuwar Dole, ya cika takarda da Faransanci a ofis, ya kuma saurari tafsiri daga Larabci da dare, tambayar da ake yawan yi ita ce ko kowace magana tana iya komawa wani harshe ba tare da ta rasa wani abu ba. Wurin da wannan tambaya ta fi tsanani shi ne barkwanci, musamman wanda aka gina a kan kalma mai fuska biyu. Mutane da yawa sun taɓa ganin haka a taro: mai jawabi ya yi magana, rabin zauren ya fashe da dariya, tafinta ya maimaita maganar daidai da yadda aka faɗe ta, sauran rabin kuma ya yi tsit yana jiran abin dariyar ya iso. Tafintan bai yi kuskure a kalma ko ɗaya ba, amma abin da aka aiko shi da shi bai isa ba.

Ma'anar kalmomin da ake amfani da su

Barkwanci ko raha suna ne na duk maganar da aka yi don a sa mutane dariya, kuma mafi yawansa yana tsallaka harshe ba tare da wahala ba, domin dariyar tana cikin abin da ya faru. Labarin marowacin da baƙo ya riske shi da akushi a gabansa zai ba Bafaranshe dariya kamar yadda ya ba Bahaushe. Wasa da kalmomi wani abu ne daban: a nan dariyar ta rataya ne a kan siffar kalmar kanta, wato sautinta ko rubutunta, inda kalma ɗaya ke ɗauke da ma'ana biyu, ko kalmomi biyu suka yi kama da juna har kunne ya iya ɗaukar wannan a madadin waccan. Hausawa suna kiran magana mai ma'ana biyu harshen damo, malaman balaga kuma suna kiran haɗuwar kalmomi masu sauti ɗaya da ma'ana daban jinasi. Karin maganar nan da ake cewa zumu zuma ne misali ne mai sauƙi, domin wasali ɗaya ne ya raba ɗan'uwa da zuma, kuma wannan kusancin sautin shi ne yake sa maganar ta zauna a zuciya. Idan aka mayar da ita Faransanci, ma'anar za ta tafi lafiya, amma ba abin da ya haɗa kalmar ɗan'uwa da ta zuma a can, sai maganar ta koma bayani kawai.

Tushen matsalar shi ne cewa kamannin sauti tsakanin kalmomi biyu dace ne na tarihin harshe ɗaya, kuma babu dalilin da zai sa dacen ya maimaita kansa a wani harshe. Hausa tana da wani abin da ya ƙara wa lamarin nauyi. Harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, amma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu. Saboda haka gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka kuka na hawaye da kuka ta miya, haka wuya na jiki da wuya ta wahala, alhali a baki kowa yana rarrabe su. Wasa iri ɗaya yana iya zama cikakke a takarda, amma a furuci ya zama sai an ɗan karkatar da murya ko an yi kamar ba a ji da kyau ba. Mai fassara yana bukatar ya san daga wanne aka ba shi aikin.

Misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki wani ɗan guntun wasan kwaikwayo irin wanda matasa ke ɗauka da waya a ƙarshen azumi. Ranar ashirin da tara ga Ramadan, maigida ya fita bayan magariba tare da jama'ar unguwa duban wata. Ya dawo gida da sauri, fuskarsa cike da murna, ya ce: "Uwargida, albishirinki, yau dai na ga wata!" Matar ta ajiye ludayi, ta dube shi, ta ce: "To, Malam, ƴar gidan wa ce?" Dariyar ta tsaya a kan abubuwa uku. Na farko shi ne kalmar wata, wadda ke nufin watan sama idan aka sauke murya a gaɓar ƙarshe aka ja wasalin, take kuma nufin wata mace idan aka bar gaɓoɓin biyu a sama. Na biyu shi ne sanin da mai kallo ya yi cewa a gidan Bahaushe maganar ƙarin aure ba ta nisa da zuciyar uwargida. Na uku shi ne lokaci, domin amsar matar ta zo nan take kuma gajeriya ce.

Matakin farko ga wanda aka ce ya sa wa wannan wasa rubutun Faransanci a ƙasan hoto shi ne ya ware waɗannan abubuwa uku, ya tambayi kansa wanne ne ba za a iya rasawa ba. Kalmar wata ba za ta tsallaka zuwa Faransanci da ma'anarta biyu ba, wannan ya tabbata. Amma abin da wurin yake yi a cikin wasan shi ne ya nuna mace mai zargi da miji wanda murnarsa ta jawo masa tuhuma, kuma watan sama dole ya kasance a ciki, tunda mai kallo ya ga mutane suna nuna sama da yatsa. Idan aka fassara kalma da kalma, mijin zai ce ya ga watan sama, matar ta tambayi ƴar gidan wa ce, kuma mai karatu zai ɗauka matar ba ta da cikakken hankali. Wannan ita ce alamar farko ta wasan da ya mutu a hanya: amsa ta daina dacewa da maganar da ta gabace ta.

Mataki na biyu shi ne a bincika harshen da za a kai maganar, a ga ko yana da nasa harshen damo a kusa da wurin. A nan Faransanci ya ba da ƙofa biyu. Kalmar watan sama a Faransanci, wadda ake furtawa lun, sautinta ɗaya ne da kalmar da ke nufin ɗayar a cikin mata biyu, bambancinsu a rubutu ɗan waƙafi ne a sama bayan harafin farko. Don haka mijin zai ce ya ga lun, matar ta ce: ɗayar ke nan, to ɗayar kuma wace ce? Wasa ya maye gurbin wasa, watan sama yana nan, kishi yana nan. Sai dai an ɗan canza lissafi, domin yanzu matar tana zargin mata biyu ne, kuma mai karatu yana bukatar ya furta kalmar a zuciyarsa kafin ya gane.

Ƙofa ta biyu ta fi sauƙi, kuma tana cikin nahawu. A Hausa watan sama namiji ne, ana cewa wata ya tsaya, an gan shi, kuma da mijin ya faɗi haka da rikicin bai taso ba. A Faransanci kuwa watan sama mace ce. Mai fassara yana iya cire sunan gaba ɗaya ya bar wakilin suna, mijin ya shigo yana cewa: na gan ta, siririya, ta fito da kyau! Matar ta ce: ƴar gidan wa ce? Amsarta ta tsira kalma da kalma, kuma mai kallo, wanda ya riga ya ga jama'a suna duban sama, ya san abin da mijin yake nufi tun kafin ta buɗe baki. Tsakanin hanyoyin biyu, ta biyun ta fi dacewa da rubutun ƙasan hoto, inda a al'ada layi biyu kawai ake da su, kowanne da harafi kusan 40, kuma ba sa wuce sakan 6 ko 7 a kan allo. Abin da aka biya shi ne an sa wa mijin kalmomin siffantawa da bai faɗa ba. Da Larabci za a kai wasan, da aikin ya fi sauƙi ta wata fuskar, domin Larabawa sun daɗe suna kiran kyakkyawa da sunan wata, har mutum ya ce ya ga wata yana nufin mace.

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji. A nuna wa wanda ba ya jin Hausa ko kaɗan, ba tare da an yi masa bayani ba, a lura ko ya yi murmushi a daidai wurin da Bahaushe ya yi. Gwadawa a kan wanda ya san harsunan biyu ba ya nuna komai, domin shi Hausar yake ji a bayan Faransancin, ita yake yi wa dariya.

Inda musanya ke kai mutum ga kuskure

Maye gurbin wasa da wani wasa ba kullum yake ƙarewa lafiya ba. A Faransanci kalma ɗaya ce, aboka, take nufin lauya take kuma nufin ɗan itacen nan da ake kira fiya. Ana iya gina raha a kai: an ce wa mutum shari'arsa ta yi nauyi, ya nemo aboka mai kyau, sai ya tafi kasuwa ya zaɓo nunanne. Wanda zai mayar da wannan Hausa zai ga ƙofa a buɗe, domin lauya na kotu ya yi kama da aikatau ɗin nan na lauya abu, wato lanƙwasa shi, kuma cikin sauƙi zai ce aikin lauya lauya zance. Dariya za ta samu, amma an sauya wanda ake yi wa ita. A asali talakan da bai san kotu ba ake zolaya, a fassarar kuwa an zargi masu wata sana'a da murɗe gaskiya. Idan marubucin asali lauya ne yana ba da labari a taron abokan aikinsa, mai fassara ya sa masa a baki abin da bai faɗa ba kuma ba zai so a jingina masa ba. Shi ya sa bayan an sami madadi ake sake tambaya: wa ake yi wa dariya, kuma zafin maganar ya ƙaru ko ya ragu?

Akwai kuma rahar da ba kalma ce ta riƙe ta ba, dangantaka ce. Wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, ko tsakanin taubasai, yana cikin al'adar da hukumar UNESCO ta sa a jerin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014. Idan Babarbare ya kira Bafulatani bawansa a bakin kasuwa, duk wanda ke wurin ya san zumunci ne. Fassarar wannan magana daidai da kalmominta ga baƙon da bai san al'adar ba tana mayar da ita cin mutunci, kuma babu wata dabarar sauti da za ta gyara hakan. Abin da ake bukata a nan ɗan ƙarin bayani ne, ko da kalmomi uku ne, da zai nuna cewa abokan wasa ne.

Ra'ayoyin da ake da su

Masana fassara sun daɗe suna jayayya a kan wannan. Masanin harshe Roman Jakobson, a wata maƙala ta 1959, ya kawo karin maganar Italiyawa da ke cewa taraduttore, taraditore, wato mai fassara maci amana ne, ya nuna cewa ita kanta idan aka fassara ta sai ta rasa kamannin sautin da ya ba ta ƙarfi. Bahaushe zai iya cewa fassara asara, ya sami amon, amma ya mayar da cin amana asara, ya kuma ɗauke laifin daga kan mutum ya ɗora wa aikin. Dirk Delabastita, masani ɗan Beljiyam, ya jera hanyoyi takwas a 1996, waɗanda suka haɗa da maye gurbin wasa da wasa, da fassara ma'ana a bar wasan, da share wurin gaba ɗaya, da barin kalmar asali yadda take, da sa sabon wasa a wani wuri don a rama wanda aka rasa, da yin bayani a gefe. Jerin ya nuna abin da masu fassara suke yi a zahiri, bai ce wannan ta fi waccan ba.

Ɓangare na farko yana ganin amana tana cikin kalmomin da aka faɗa. Malaman tafsiri da masu fassara littattafan addini da masu bincike suna nan, kuma hujjarsu ita ce mai fassara ba shi da izinin ƙirƙirar abin da mai magana bai faɗa ba. A aya ta 55 ta Suratur Rum, wadda malaman balaga ke kafa misali da ita a babin jinasi, kalmar sa'a ta zo sau biyu, da farko da ma'anar tashin ƙiyama, sannan da ma'anar ɗan lokaci. Hausa ta yi dace a nan, domin ta ari kalmar daga Larabci, kuma ana iya barin ta a wuraren biyu a ƙara bayani. A Linjila, cikin Matiyu 16:18, sunan Bitrus da kalmar dutse tushensu ɗaya a Girkanci, kuma Faransanci ya riƙe wannan domin sunan da kalmar duk Piyer ake furta su, amma a Hausa babu abin da ya haɗa Bitrus da dutse, sai an yi bayani. A irin waɗannan nassosi ba wanda zai yarda a nemo wani wasa a sa, kuma raunin hanyar, wato bayani yana zuwa bayan daɗin maganar ya wuce, abu ne da masu ita suka amince su ɗauka.

Ɓangare na biyu yana ganin amana tana cikin tasirin da maganar ta yi. Masanin fassara Eugene Nida ya yi fice da wannan ra'ayi a 1964, inda ya ce a auna fassara da yadda mai karɓarta ya ji, idan aka kwatanta da yadda mai jin asalin ya ji. Masu shirya wasan kwaikwayo na rediyo da masu mayar da finafinan Indiya Hausa a wannan layi suke, ko sun san sunan ra'ayin ko ba su sani ba, kuma hujjarsu ita ce barkwancin da bai sa dariya ba an riga an ɓata shi, komai daidaiton kalmominsa. Abin da ake suka a kansu shi ne iyaka ba ta da tabbas, kuma daga gyara wasa ɗaya mutum yana iya zarcewa ya rubuta nasa labarin a kan hoton wani.

Akwai ra'ayi na uku da ya fi ƙarfi a gari irin Damagaram, wato a bar kalmar yadda take, tunda da yawa daga masu sauraro suna jin harsunan biyu. Wannan yana aiki a zauren jami'a ko a hirar ma'aikata, amma yana fitar da ainihin mutanen da aka yi fassarar dominsu. Idan aka dubi ra'ayoyin uku tare, za a ga cewa saɓanin ya fi zama a kan irin maganar da ake fassarawa fiye da a kan ƙa'ida: malamin da ba zai taɓa kalmar aya ba yana iya sauya raha a cikin wa'azinsa don ta dace da masu sauraro, kuma babu wanda zai ce ya ci amana.

Abin da wannan ke nufi ga jama'a

Ga mai kallon wasa ko mai sauraron rediyo, asarar ba ta wuce dariya ɗaya ba. A gaban alƙali ko jami'in tsaro kuwa lamarin ya sha bamban, domin a can magana mai fuska biyu tana iya zama ita ce hujja. Idan aka kai ƙarar mutum cewa ya ce wa maƙwabcinsa zan yi maganinka, tafintan da ya bi kalmomi zai mayar da barazana alkawarin taimako, wanda ya bi ma'ana kawai kuma zai yanke hukunci tun kafin alƙali ya yanke, domin wanda ake ƙara yana iya cewa wasa yake yi da abokin wasansa. Abin da ya dace a nan shi ne tafinta ya faɗi kalmomin yadda suke, ya bayyana cewa a Hausa an fi fahimtar su a matsayin barazana, ya kuma bar wa kotu ta tantance nufin. Mutumin da ake fassara maganarsa yana da dalilin ya nemi a rubuta ainihin kalmominsa na Hausa a gefen Faransancin, ya kuma faɗi da bakinsa idan habaici ne ko raha.

Saƙonnin lafiya da na noma suna da tasu matsalar. Sau da yawa ana tsara taken faɗakarwa da Faransanci, a gina shi a kan amo ko wasa da kalma, sannan a miƙa wa ma'aikacin rediyo ya mayar da shi Hausa cikin ɗan lokaci. Sakamakon yakan zama jimla mai tsawo wadda ba ta kama kunne. Hanyar da ta fi ba da amfani ita ce a ba shi saƙon da ake so ya isa da kuma abin da ba a yarda a canza ba, kamar sunan cuta ko adadin allura, a bar shi ya gina taken daga karin magana da amon Hausa. Akwai kuma batun lada: inda ake biyan mai fassara bisa yawan kalmomi ko shafuka, layi ɗaya na barkwanci da ya ci masa yini guda kuɗinsa ɗaya da layin gaisuwa, kuma wannan yana cikin dalilan da ke sa a zaɓi share wurin a wuce.

Ga ɗalibai da matasan da ke sa rubutu a ƙasan hotunan da suke yaɗawa ta waya, akwai wani tarko da ya keɓanta da Hausa. Wanda aka ba rubutu ba tare da murya ba yana iya ganin wasa inda babu shi, ko ya rasa shi inda yake, tunda boko ba ya nuna karin sauti. Ƙamus irin na Bargery na 1934 yana nuna karin sauti da tsawon wasali, kuma yana taimakawa wajen rarrabe kalmomin, amma ba zai faɗi abin da mai maganar ya yi da muryarsa ba. A wasan duban wata, idan ɗan wasan ya furta kalmar sarai da sautin watan sama, to matar da gangan ta juya maganar, kuma fassarar tana bukatar ta nuna mace mai wayo tana tsokanar mijinta. Idan kuwa ya haɗiye ƙarshen kalmar saboda haki da gaggawa, to da gaske ta ji wata mace, kuma tambayarta ta fito ne daga faɗuwar gaba. Rubutun Hausar iri ɗaya ne a duka biyun, amma Faransancin da za a zaɓa wa amsarta zai bambanta, kuma sai an saurari muryar kafin a san wanne za a rubuta.